Kundin aiki: wuyan hannun da ke murɗewa kamar ledar alawa

Litinin, 3 ga Maris

Yau mai haɗa motsi ta dawo mini da fayil ɗin, da saƙo gajere: "Malam, duba firem na 48, hannun ya tsinke." Na buɗe a Blender, manhajar zanen 3D da muke aiki da ita. Mutumin da muke ginawa yana miƙa hannun hagu, ya juya tafin sama don ya karɓi abu, kuma daidai wuyan hannun raga ta tsuke ta zama siririya, kamar bakin ledar alawa da aka murɗe. Faɗin wurin santimita 6 ne idan hannu na hutawa. A firem na 48 na auna, da ƙyar ya wuce santimita 1.

Laifin nawa ne, ba nata ba. An sassaƙa mutumin hannuwa a baje, tafi na kallon ƙasa, ni kuma na ba shi ƙashi ɗaya daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, `forearm.L`, sai `hand.L` a ƙarƙashinsa. Da ta juya tafin sama, ƙashin hannu ya murɗa digiri 160 a kan tsawonsa, na sangalin hannu bai motsa ko kaɗan ba. Murɗiyar gaba ɗaya ta taru a 'yan ɗigogin da ke tsakanin ƙasusuwan biyu.

Na zauna na yi lissafin, don in san da me nake faɗa. Hanyar da kwamfuta ke bi ta motsa fata mai sauƙi ce: ga kowane ɗigo, tana duba inda ƙashi na farko zai kai shi, ta duba inda na biyu zai kai shi, sai ta ajiye shi a kan miƙaƙƙen layin da ke tsakanin wuraren biyu gwargwadon nauyin da aka ba kowane ƙashi. Matsalar tana cikin kalmar "miƙaƙƙe". Ɗigon da ke bakin da'ira ya kamata ya zagaya ta baki, amma sai ya yanke ta ciki. Idan nauyin rabi da rabi ne, nisansa daga tsakiyar ƙashi, `r`, yana komawa haka, inda `θ` shi ne bambancin juyi tsakanin ƙasusuwan biyu:

```
r' = r * cos(θ / 2)
```

A digiri 90 ya koma kashi 71 cikin ɗari na asali. A digiri 160, `cos(80°)` kusan 0.17 ne, wato santimita 6 ta koma 1 da ɗan ɗoriya, daidai abin da na auna. A 180 ɗigogin duka su haɗu a wuri guda.

Abin da lissafin ya nuna mini shi ne, ba yawan murɗiyar ce matsala ba, yawan bambancin da ke tsakanin ƙasusuwa biyu masu raba ɗigo ɗaya ne. A jikin mutum ma wuyan hannu ba ya murɗawa da kansa. Riƙe wuyan hannunka na hagu da ƙarfi ka gwada juya tafin, ba zai juyu ba. Ƙashin da ke ɓangaren babban yatsa ne ke hawa kan na ɓangaren ƙaramin yatsa, don haka fata kusa da gwiwar hannu kusan tsaye take, ta kusa da wuyan hannu kuma tana bin tafi gaba ɗaya. Abin da zan kwaikwaya ke nan.

Talata, 4 ga Maris

Kafin in taɓa ƙasusuwa na gwada gajeriyar hanya: na kunna `Preserve Volume` a cikin `Armature`. Wannan yana sauya lissafin zuwa wanda ke zagayawa da ɗigo ta baka maimakon yankewa ta ciki, hanyar da Ladislav Kavan da abokan aikinsa suka wallafa a 2007. Nan take wuyan hannun ya cika. Amma murɗiyar tana nan a dunƙule a wuri ɗaya, zanen fatar ya karkace kamar an matse tsumma, gwiwar hannu kuma ta kumbura idan an lanƙwasa ta. Abin da ya kashe maganar shi ne, za mu fitar da mutumin zuwa injin wasa da ke amfani da lissafin miƙaƙƙen layi, kuma wannan maɓallin ba ya bin fayil. Na kashe shi.

Laraba, 5 ga Maris

Ƙasusuwan murɗi, wato ƙarin ƙasusuwa a sangali da za su raba juyin a tsakaninsu, nawa zan sa? Da ƙashi ɗaya a tsakiya mai ɗaukar rabin juyin, matakan biyu ne, digiri 80 kowanne, hannu zai rasa kashi 23 cikin ɗari na faɗinsa a wurare biyu. Ya fi na da, amma ido zai gani. Da biyu, mataki ya koma digiri 53, asarar kusan kashi 11. Da uku, digiri 40, asarar kashi 6. Na tsaya a uku. Ƙarin na huɗu da na biyar a tsakiya ribarsu kaɗan ce, kuma kowane ƙashi kaya ne da injin wasa zai ɗauka a kowane firem.

Na kwafi `forearm.L`, na raba kwafin da `Subdivide`, na sa musu suna `forearm_twist.01.L` zuwa `.03.L`. Abu biyu na kula da su. Na farko, `Subdivide` yana barin su a sarƙe, kowanne ɗan na gabansa, ni kuma na mai da kowannensu ɗan `forearm.L` kai tsaye. Idan aka bar su a sarƙe juyin yana taruwa: na biyu zai gaji na farko ya ƙara nasa, sai 0.25 da 0.5 da 0.75 su tashi ɗaya da rabi. Ana iya barin sarƙar a ba kowanne 0.25, sakamakon ɗaya ne, amma na fi son in ga adadin kowane ƙashi a rubuce a jikinsa. Na biyu, `hand.L` ya ci gaba da zama ɗan `forearm.L`. Idan aka ɗora shi a kan ƙashin murɗi na ƙarshe, hannu na juya ƙashin murɗi, ƙashin murɗi na juya hannu, sai Blender ya fara kukan zagayen dogaro, motsin ya riƙa makara ko rawa.

Don juya su na sa `Copy Rotation` a kowanne, na bar `Y` kaɗai a kunne tunda a Blender layin Y ne ke bin tsawon ƙashi, na sa ɓangarorin biyu a `Local Space`, `Influence` kuma 0.25, 0.5, 0.75. Na murɗa hannun a miƙe daga sifili zuwa 160. Ƙasusuwan sun bi sumul, kamar matakalar bene. Na rufe kwamfuta ina jin na gama.

Alhamis, 6 ga Maris

Ban gama ba. Na ɗora motsin mai haɗa motsi na ainihi, sai ga ƙasusuwan murɗi suna zabura wuri guda a tsakiyar juyin, tsakanin firem biyu. Jiya ban gani ba saboda na gwada da hannu a miƙe. Ita kuwa ta lanƙwasa wuyan hannun kusan digiri 30 yayin da take juya shi, yadda mutum ke yi.

Na ɓata rabin yini kafin in gane. `Copy Rotation` ba ya ganin "murɗiya". Yana ɗaukar juyin hannun gaba ɗaya ya fasa shi gida uku, X da Y da Z, bisa jerin da aka ba shi, sannan ya miƙo mini na Y. A jerin `XYZ`, Y ne na tsakiya, kuma na tsakiya shi ne mai rikicewa a kusa da digiri 90. Juyi ɗaya ana iya rubuta shi ta hanya biyu, ɗaya da Y ƙasa da 90, ɗaya da Y sama da 90. Idan hannu a miƙe yake, hanyoyin biyu suna haɗuwa daidai a 90, ba a ganin ɗinki. Idan a lanƙwashe yake ba sa haɗuwa. Na sa ido a kan adadin: Y ya hau har wajen 60, ya ɗan tsaya, sai ya yi tsalle zuwa wajen 120. Ƙashin da ke ɗaukar 0.75 ya zabura kusan digiri 45 a firem ɗaya.

Na sauya `Euler Order` zuwa `YZX`, yadda Y zai fita daga tsakiya. Tsallen ya ɓace. Amma wani ƙaramin abu ya fito: idan na lanƙwasa hannun ƙasa digiri 40, na kuma karkata shi gefe digiri 30, ba tare da na murɗa komai ba, sangalin hannu yana juyawa da kansa kusan digiri 11. Wannan ba kuskuren Blender ba ne, haka juyi biyu a jere suke, suna haifar da ɗan juyi na uku. Wani zai iya haƙura da shi. Ni dai ganin fatar na motsi alhali hannu na ɗaga gaisuwa kawai ya dame ni.

Sai na cire `Copy Rotation` duka na koma direba, wato ɗan lissafin da ke juya ƙashi bisa adadin da ya karanto daga wani. Na mai da ƙasusuwan murɗi `XYZ Euler`, na sa direba a juyin Y na kowanne. Nau'in canjin `Transform Channel`, ƙashin `hand.L`, `Type` kuma `Y Rotation`, sannan abin da ya warware komai: `Mode` a kan `Swing and Y Twist`. Wannan yanayin yana raba juyi gida biyu kawai. Kashi na farko shi ne gajeriyar hanyar da za ta nuna tsinin ƙashi inda yake nunawa yanzu, kashi na biyu shi ne abin da ya rage na juyi a kan tsawon ƙashin. Na biyun nake so, kuma ba ruwansa da ta wace hanya aka lanƙwasa hannu. Abin da na rubuta a direban farko:

```
var * 0.25
```

Na sake kunna motsin. Babu tsalle. Na lanƙwasa hannu ta kowace kusurwa, ƙasusuwan murɗi ko gezau.

Asabar, 8 ga Maris

Ƙasusuwa na tafiya daidai, saura fata ta bi su. Na fara da `With Automatic Weights` don in ga me zai bayar, kuma abin da ya bayar ya koya mini darasi. Hannun ya rame gaba ɗaya a digiri 160, ba a wuri ɗaya ba, ko'ina. Na danna wani ɗigo a tsakiyar sangali na duba jerin nauyinsa: yana da rabo a kusan duk ƙasusuwan wurin, har da `forearm.L` da `hand.L`. A ɗauka rabinsa na kan ƙashin tsakiya mai digiri 80, kwata na kan mai sifili, kwata na kan mai 160. Nisansa daga tsakiya zai koma 0.5 a tara da rabin `cos(80°)`, wato kusan 0.59. Na sa ƙasusuwa uku don in rage mataki zuwa digiri 40, nauyin kuma ya tsallake su ya sake haɗa nesa da nesa. Ka'idar da na riƙe daga yau: kowane ɗigo a sangalin hannu ya raba nauyinsa tsakanin maƙwabta biyu kawai.

Kafin in gyara nauyin na ƙara ƙashi na huɗu, `forearm_twist.04.L`, dab da wuyan hannu, mai ɗaukar murɗiyar duka, `var * 1.0`. Ran Laraba na ce ƙari ribarsa kaɗan ce, kuma a tsakiya haka ne. Wannan aikinsa daban. Da ƙasusuwa uku, digiri 40 na ƙarshe yana faɗawa daidai inda hannu ke lanƙwasawa, sai tsukewar murɗi ta haɗu da tsukewar lanƙwasa a zobe ɗaya. Da na huɗun, murɗiya tana ƙarewa kafin a iso gaɓar, abin da ya rage tsakaninsa da `hand.L` lanƙwasa ce zalla. Agogon da mutumin ke ɗaure da shi ma ya sami wurin zama: na ba shi nauyi 1.0 a kan wannan ƙashin, yana juyawa da hannu amma ba ya bin lanƙwasa.

Nauyin ban shafa shi da buroshi ba. Hannuna ba zai iya fitar da zobe mai nauyi iri ɗaya a duk kewayensa ba, kuma idan gefe ɗaya na zobe 0.6 ne ɗayan 0.4, zoben zai karkace. Na mayar da tsohon nauyi na ƙashi ɗaya, na rubuta ɗan gajeren umarni ya raba shi. Ga kowane ɗigo, `t` shi ne matsayinsa a tsawon yankin murɗi daga 0 zuwa 1, `w` nauyin da yake da shi a `forearm.L` tun asali, `groups` kuma jerin biyar ne, `forearm.L` da ƙasusuwan murɗi huɗu:

```python
s = max(0.0, min(1.0, t)) * 4
i = min(int(s), 3)
f = s - i
groups[0].remove([v.index])
groups[i].add([v.index], w * (1 - f), 'REPLACE')
groups[i + 1].add([v.index], w * f, 'REPLACE')
```

Tunda `w` ake rabawa, abin da ɗigon ke bin ƙashin damtse ko na hannu bai taɓu ba, jimillar tana nan ɗaya. Sangalin santimita 26 ne. Ban fara `t` daga gwiwar hannu ba, na bar santimita 5 na farko gaba ɗaya ga `forearm.L`, domin tsinin gwiwa ba ya juyawa idan mutum ya juya tafi. Na kuma tsayar da shi santimita 2 kafin gaɓar wuyan hannu. Murɗiyar ta bazu a kan santimita 19.

Litinin, 10 ga Maris

Adadi ya yi daidai, amma hannun a firem na 48 yana da wasu kaifafan layuka a karkace, kamar an naɗe takarda. Ragar ce. Zobba huɗu kacal ke tsakanin gwiwa da wuyan hannu, wato tazara uku, ni kuma ina da matakai huɗu. Ko da ƙasusuwa ɗari na sa, gefen da ke haɗa zobe da zobe miƙaƙƙen layi ne, shi ma yana yankewa ta ciki da wancan lissafin na `cos`. Tazara uku na nufin digiri 50 da wani abu a kowace, kuma murabba'in da aka murɗa haka yana karyewa a kan layin da ya raba shi kusurwa zuwa kusurwa.

Na roƙi mai sassaƙa ya mai da su tara a cikin yankin murɗin: ɗaya a daidai inda kowane ƙashi ke da cikakken nauyi, ɗaya a tsakanin kowane biyu. Na sake gudanar da umarnin nauyi. Na ɗauka zobban tsakiyar za su rage tsukewa, ashe ba haka ba. Zoben da ke rabi da rabi yana faɗawa daidai inda tsakiyar tsohon gefen zai faɗa, kashi 94 cikin ɗari. Abin da suka gyara shi ne karyewar murabba'ai, don yanzu kowanne digiri 20 kawai yake sha. Hannun yana da ɗan tudu da kwari na kusan milimita 2 a inda ya fi kauri, wanda sai na kashe haske na duba inuwar gefensa nake gani. Na bar shi.

Talata, 11 ga Maris

Mai haɗa motsi ta sake leƙowa. "Malam, a FK lafiya lau, amma ina komawa IK ledar alawar ta dawo." Na duba, ƙasusuwan murɗi a tsaye cak. A direbobin na bar `Space` a kan `Transform Space`, wanda ke karanta adadin da aka rubuta a jikin ƙashi kawai, ba ya ganin abin da `Copy Transforms` ko wani makamancinsa ya ɗora masa. A FK ɗinmu ana juya `hand.L` kai tsaye, shi ya sa ya yi aiki. A IK wani ƙashin ne ke jansa, adadin jikinsa sifili ne. Na mai da duka huɗun `Local Space`, wanda ke haɗawa da abin da aka ɗora. Minti biyu.

Na biyun ya fi cin lokaci. A wani wuri ta bar hannun a kafe a kan tebur ta juya gwiwar waje, sai murɗiyar tsakanin hannu da sangali ta haura 180 na firem uku. Direba ba ya sanin an zagayo: bayan 180 sai ya ce −179. Ƙashi na huɗu bai nuna komai ba, tunda a wurinsa 181 da −179 wuri ɗaya ne. Na farko kuwa ya faɗo daga 45 zuwa kusan −45, na biyu daga 90 zuwa kusan −90, hannun ya murɗe ta baya.

Wannan karyewar ba a kawar da ita, sai dai a matsar da ita inda ba a zuwa. Mutuminmu yana hutawa tafi na kallon ƙasa, don haka kusan duk tafiyarsa gefe ɗaya ce: zuwa sama har 160 ko fiye, zuwa ɗaya gefen kuwa 'yan digiri kaɗan. Ba ni da amfani da −90 zuwa −180, sai na ba da su aro ga ɗaya ɓangaren:

```
(var + 2*pi if var < -pi/2 else var) * 0.25
```

Yanzu karyewar tana −90 da 270, inda babu hannun mutum da ke kaiwa. Duk da haka na ce mata ta sassauta gwiwar a waɗannan firem ɗin. A digiri 185 mataki ya haura 46, kuma hannun da ya murɗu haka ko a jikin mutum ba ya kyaun gani.

Alhamis, 13 ga Maris

Hannun dama. `Symmetrize` ya ba ni ƙasusuwan, direbobi kuma na kwafa ɗaya bayan ɗaya da `Copy Driver` da `Paste Driver`. Na juya hannun hagu don gwaji, sai na ga sangalin dama na murɗawa: direban da aka manna yana nan yana kallon `hand.L`. Na sauya su zuwa `hand.R`. Sai kuma gyaran ran Talata ya juyo mini, domin a dama juya tafi sama adadi ne mai alamar ragi, yana wuce −90 sai sharaɗin ya ƙara masa zagaye guda. Na juya shi:

```
(var - 2*pi if var > pi/2 else var) * 0.25
```

Direba ba ya bin fayil zuwa injin wasa, don haka na gasa motsin da `Bake Action`, `Visual Keying` a kunne, na tabbatar ƙasusuwan murɗi takwas duka suna da `Deform`. Na gudanar da `Limit Total` a kan 4 don in ga ko zai yanke wani abu a sangali, bai taɓa ko ɗigo ɗaya ba, tunda mafi yawan abin da ɗigo ke da shi a wurin uku ne. A cikin injin na tsayar da firem na 48 na auna: wuyan hannu santimita 6, mafi tsukewar zobe a sangali kashi 94 cikin ɗari na faɗinsa.

Da na ɗaga hannun sama don in duba agogon, na lura kafaɗa tana yin irin wannan tsukewar idan damtse ya juya. Can lissafin a juye yake: ƙashin da ke kusa da kafaɗa ne zai soke murɗiyar, ta riƙa ƙaruwa zuwa gwiwa. Na buɗe sabon fayil, na sa masa ranar Litinin.